Lambar Kaya Tana Nan, Excel Ya Ce Bai Gan Ta Ba

A shagon da kayansa ba su wuce kala ashirin ba, mai shago yana riƙe farashi a kansa. Idan kaya suka kai kala ɗari uku ko ɗari biyar, kamar yadda ake gani a shagunan sari da na magani da na kayan gini, kai ba ya iya ɗauka, littafi kuma yana cin lokaci. Shi ya sa masu shaguna da yawa suka koma ba kowane kaya lambarsa, suka zuba lambobin da farashinsu a Excel. Abin da suke so bai da yawa: a rubuta lambar kaya a rasit, farashi ya fito da kansa. Fomular da aka fi yin wannan aiki da ita ita ce VLOOKUP.

Koyon rubuta ta ba ya ɗaukar minti goma. Inda aikin yake shi ne sanin lokacin da ta ba ka amsar da ba daidai ba. Tana gazawa ta hanya biyu. Wani lokaci takan fito fili ta rubuta maka #N/A, wato ba ta samu abin da ka aike ta nema ba. Wani lokaci kuma takan kawo maka farashi tsaf, da adadi mai kama da gaskiya, alhali na wani kayan ne daban. Mutane sun fi jin haushin ta farkon, domin tana ɓata kyan shafi. Ni kuwa ta biyun ce ke damuna, domin ita ce ke cin kuɗi ba tare da kowa ya lura ba.

Bari mu kafa ƙaramin shago a takarda. Farashin da za a gani na misali ne kawai, ba na kasuwar yau ba. A fayil ɗin akwai shafi mai suna Farashi, ga abin da ke cikinsa:

```
     A       B                   C
1    Lamba   Kaya                Farashi
2    1001    Buhun shinkafa      72000
3    1005    Buhun sukari        80000
4    1010    Katan ɗin taliya    18500
5    1020    Jarkar man gyaɗa    65000
6    1030    Katan ɗin sabulu    24000
```

Akwai kuma shafi na biyu mai suna Rasit. A nan ana rubuta lambar kaya a layin A, yawan da aka saya a layin B, farashi ya fito a layin C, jimla kuma a layin D. A akwatin C2 ne za a rubuta fomular:

```
=VLOOKUP(A2,Farashi!$A$2:$C$6,3,FALSE)
```

Abubuwa huɗu ne a cikin baka, waƙafi ya raba su. Na farko, A2, shi ne abin da ake nema, wato lambar da aka rubuta a rasit. Na biyu shi ne jadawalin da za a duba, daga A2 zuwa C6 a shafin Farashi. Na uku, 3, yana nufin idan an samu lambar, a ƙirga layi uku daga hagu a ɗauko abin da ke wurin. Na huɗu, FALSE, shi ne umarnin cewa sai lambar da ta yi daidai ƙwarai, ba a son mai kama da ita. Aikin kamar na yaron shago ne da ya ɗora yatsa a kan jerin lambobi yana gangarowa daga sama, da ya iske wadda aka ce masa sai ya tsaya, ya ja yatsan zuwa dama ya karanto farashi. Idan aka rubuta 1020 a A2, fomular za ta wuce 1001 da 1005 da 1010, ta tsaya a layi na biyar, ta kawo 65000.

Ka'idoji biyu suna ɓoye a nan. VLOOKUP ba ta neman lamba sai a layin farko na jadawalin da ka ba ta, kuma ba ta komawa hagu. Idan a shafinka sunan kaya ne a A, lamba a B, to daga B za ka fara zaɓen jadawalin. Ƙirgen layi ma daga nan yake farawa, ba daga A na shafi ba. Wanda jadawalinsa ya fara daga B kuma farashinsa yana D, 3 zai rubuta, ba 4 ba. Idan ya rubuta 4 a jadawali mai layi uku, Excel zai ba shi #REF!, wannan kuwa kuskure ne mai sauƙin ganewa.

Yanzu ga wurin da ya fi kowane haɗari. Abu na huɗun nan ba dole ba ne a wurin Excel. Idan ka rufe baka bayan 3, ba zai yi ƙorafi ba, zai karɓi fomular, ya ɗauka TRUE kake nufi. TRUE kuwa ma'anarsa ita ce: idan ba a samu lambar ba, a ɗauko mafi girma daga cikin waɗanda ba su kai ta ba. Abin takaici shi ne, wanda ya gwada fomular da lambobin da ke cikin jadawali, kuma jadawalin a jere yake daga ƙarami zuwa babba, zai ga komai daidai. Ya gwada 1005 ya ga 80000, ya gwada 1030 ya ga 24000, sai hankalinsa ya kwanta.

A ce wani ya zo sayen jarka goma ta man gyaɗa. Mai rubuta rasit yana sauri, yatsunsa suka juya lambar, ya buga 1002 maimakon 1020. Babu kaya mai lamba 1002 a shagon. Fomula mai FALSE za ta rubuta #N/A nan take, ya duba ya gyara. Fomular da aka bar ta babu FALSE za ta nemi mafi kusa daga ƙasa, ta sami 1001, ta kawo farashin shinkafa, 72000. Jimla ta zama 720,000 maimakon 650,000. An ɗora wa mai saye Naira 70,000 da ba ta hau kansa ba, kuma babu abin da zai ja ido a rasit ɗin, domin 72000 ba ta yi nisa da 65000 ba. Da kuskuren ya faɗa ɗaya ɓangaren, a ce an buga 1012, farashin taliya ne zai fito, 18500, a ba da man 650,000 a kan 185,000. Ko 9999 aka buga, fomular ba za ta ce uffan ba, farashin sabulu za ta bayar, tunda shi ne na ƙarshe a jere.

Wannan duk a jadawali mai tsari ke nan. Idan lambobin ba a jere suke ba, abin ya fi haka muni. Neman mafi kusa ba ya bin layi ɗaya bayan ɗaya. Yana diran tsakiyar jerin ne, ya duba ko abin da yake nema ya fi na wurin girma ko bai kai ba, ya watsar da rabi, ya sake diran tsakiyar rabin da ya rage. Wannan dabara ba ta aiki sai jerin yana tafiya daga ƙarami zuwa babba. Jadawalin shago kuwa ba ya daɗewa a jere, domin sabon kaya a ƙasa ake ƙara shi. Daga ranar, fomular tana iya kawo farashin wani kaya ko da lambar da aka buga daidai take kuma tana cikin jadawalin.

Ba wai TRUE ba shi da amfani ba ne. An yi shi ne domin abubuwan da ke tafiya mataki-mataki, kamar makin jarrabawa inda daga 70 zuwa sama A ne, ko ragin da ake yi wa wanda ya sayi katan goma zuwa sama. A can, maki 73 yana da alaƙa da 70. Amma lambar kaya suna ce, ba awo ba ce. 1002 ba ta da wata dangantaka da 1001. Saboda haka duk fomular da ke ɗauko farashi daga lambar kaya, dole ta ƙare da FALSE, ko da 0, wanda ma'anarsu ɗaya. Haka abin yake a Google Sheets: idan aka bar wurin babu komai, shi ma neman mafi kusa yake yi.

To, an sa FALSE. Sai a shiga matsala ta gaba, wadda ta fi kowace sa mutum ya dafe kai. Lambar tana nan a jadawali, kana kallonta da idonka, ka buga ta daidai, amma #N/A ke fitowa.

Mafi yawan lokuta dalilin shi ne Excel yana ajiye 1020 ta hanya biyu. Yana iya riƙe ta a matsayin adadi, abin da ake tarawa ana ragewa. Yana kuma iya riƙe ta a matsayin rubutu, haruffa huɗu a jere kamar kalma. A ido ɗaya suke, amma a wurin VLOOKUP ba su taɓa zama ɗaya ba. Hakan yakan faru idan jadawalin farashi ya fito daga manhajar lissafin kaya, ko dila ya turo shi, ko an kwafo shi daga wani wuri, lambobin suka zo a matsayin rubutu, shi kuma mai rasit yana buga su da hannu suna shiga a matsayin adadi.

Akwai alamomi. Idan ba a taɓa tsarin akwatin ba, adadi yana jingina da dama, rubutu kuma da hagu. Sau da yawa Excel yakan sa ɗan ƙaramin kore mai kusurwa uku a saman akwatin ta hagu, idan ya ga adadi an ajiye shi a matsayin rubutu. Amma alama tana iya ɓacewa, don haka gara a tambayi Excel kai tsaye. A wani akwatin da babu komai a shafin Rasit, a rubuta waɗannan ɗaya bayan ɗaya:

```
=A2=Farashi!A5
=ISNUMBER(A2)
=ISNUMBER(Farashi!A5)
```

Ta farko tana tambaya ne ko abin da ke A2 da abin da ke A5 na shafin Farashi ɗaya ne. Idan dukansu 1020 kake gani amma amsa ta zo FALSE, ka tabbatar akwai bambancin da ido ba ya gani. Biyun da ke biye za su nuna maka ko wane ne adadi. Idan ɗaya ta ce TRUE ɗaya ta ce FALSE, ka gano ciwon.

A nan mutane da yawa sukan zaɓi layin, su je wurin tsarin akwati su canza shi daga Text zuwa Number, su ga babu abin da ya sauya. Canza tsarin akwati ba ya taɓa abin da ya riga ya shiga ciki, sai an sake shigar da shi. Hanya mai sauri ita ce a zaɓi layin lambobin, a je Data, a danna Text to Columns, a danna Finish. Excel zai sake karanta kowane akwati, ya mayar da masu kama da adadi su zama adadi. Idan kuma ba ka da ikon taɓa jadawalin, sai ka gyara daga ɓangaren fomula. Ta farko a ƙasa ta dace da inda jadawali ke da rubutu, rasit ke da adadi. Ta biyu kuma akasin haka:

```
=VLOOKUP(A2&"",Farashi!$A$2:$C$6,3,FALSE)
=VLOOKUP(VALUE(A2),Farashi!$A$2:$C$6,3,FALSE)
```

Wannan faci ne, kuma yana aiki ne kawai idan duk jadawalin iri ɗaya ne. Idan rabi adadi ne rabi rubutu, babu makawa sai an tsabtace jadawalin kansa.

Kafin a danna Text to Columns, a duba ko akwai lambobin da suka fara da sifiri. Idan lambar kaya 00457 ce, da zarar ta zama adadi sai ta koma 457, sifiran su tafi, kuma idan akwai wani kaya mai lamba 0457 sun haɗe ke nan. Irin waɗannan lambobi rubutu ya kamata su zauna a ɓangarorin biyu, a sa layin a Text tun kafin a fara bugawa. Haka ma lambar da ke ƙarƙashin zanen layukan nan na jikin kwali, wanda ake haskawa da na'ura a kanti. Yawancinta lambobi 13 ne, kuma waɗanda aka yi wa rajista a Nijeriya da 615 suke farawa. Idan aka buga irinta a akwatin da ba a tsara ba, Excel yakan taƙaita ta a ido ta koma kamar 6.15E+12. Cikakkiyar lambar tana nan a ciki, amma idan aka ajiye fayil ɗin a matsayin CSV a haka, taƙaitaccen ne zai tafi, sauran lambobin su ɓace. Wadda ta wuce lambobi 15 kuwa, Excel yana mayar da duk abin da ya biyo bayan na 15 sifiri tun a lokacin bugawa, kuma ba ya dawowa.

Shawarata ga wanda zai fara ba kayansa lamba ita ce ya haɗa da harafi tun farko: MG-25 na man gyaɗa, SH-50 na shinkafa. Lamba mai harafi rubutu ce a ko'ina, rigimar adadi da rubutu ba ta taso ba. Manyan haruffa da ƙanana ba su dame ta ba, mg-25 da MG-25 ɗaya ne a wurin VLOOKUP. Sai dai ita ma tana da nata abokin gaba, wato tazarar da ba a gani. Wani ya buga MG-25, babban yatsansa ya taɓa dogon maɓallin ƙasa kafin ya wuce. A allo babu bambanci, amma yanzu akwai abu shida a akwatin, ba biyar ba. LEN ce ke tona wannan:

```
=LEN(A2)
=LEN(Farashi!A5)
```

Idan ɗaya ta ce 5 ɗaya ta ce 6, akwai abin da ya maƙale. TRIM tana share tazarar gaba da ta baya. Amma akwai wata irin tazara da ke biyo rubutun da aka kwafo daga intanet ko daga saƙon imel, wadda TRIM ba ta taɓawa. Lambarta a wurin kwamfuta 160 ce, ta yau da kullum kuwa 32. Sai an fara mayar da ita ta yau da kullum sannan a share:

```
=TRIM(SUBSTITUTE(A2,CHAR(160)," "))
```

A lura da abu biyu. Idan dattin a jadawalin Farashi yake, sa TRIM a kan A2 na rasit ba zai yi komai ba. Sai an buɗe sabon layi a gefen jadawalin, a tsabtace lambobin da wannan fomula, a kwafe sakamakon, a manna shi a kan na asali ta hanyar Paste Special da Values. Na biyu, duk abin da ya bi ta TRIM rubutu yake fitowa. Wanda ya sa TRIM a kan 1020 alhali jadawalinsa adadi ne, ya haifar da matsalar da muka baro a baya da hannunsa.

Masu sayar da tayil da katako da bututu suna da wani tarko nasu. Sukan rubuta awo da alamar tauraro, kamar TL-30*60. A wurin VLOOKUP mai FALSE, tauraro a cikin abin da ake nema yana nufin "kowane irin rubutu a nan", alamar tambaya kuma tana nufin kowane harafi guda. Don haka idan akwai TL-300*60 a sama da shi a jadawali, farashinsa za a ɗauko. Mafita mafi sauƙi ita ce a riƙa rubuta x a wurin tauraron.

Sai batun alamomin dala da ke cikin fomular tamu ta farko. Ba ado ba ne. Idan aka rubuta A2:C6 babu su, aka ja fomular ƙasa don ta cika sauran layukan rasit, jadawalin ma yana zamewa tare da ita. A layi na uku ya koma A3:C7, shinkafa ta fita. A na huɗu ya koma A4:C8, sukari ya bi ta. Alamar wannan ciwo a fili take: layukan saman rasit suna aiki, amma duk gangarowa ƙasa #N/A sai ƙaruwa take, kuma lambar da ta yi aiki a sama ta ƙi yi a ƙasa. Danna F4 bayan an zaɓi jadawalin yana sa alamomin. Ɗan'uwan wannan shi ne sabon kayan da aka ƙara a layi na 7, fomula kuwa a 6 ta tsaya. Ana kauce masa da ba ta layukan gaba ɗaya, Farashi!$A:$C, ko a mayar da jadawalin Table da Ctrl+T, wanda ke faɗaɗa da kansa idan an ƙara kaya.

Duk waɗannan suna ihu, ana jinsu. Mu koma ga masu shiru, domin FALSE bai kashe su duka ba.

A kasuwar da farashi ke motsi kusan kowane mako, ga abin da ke faruwa. Man gyaɗa ya tashi daga 65000 zuwa 69000. Maimakon a gyara layi na biyar, sai wani ya gangara ƙasa ya rubuta sabon layi: 1020, jarkar man gyaɗa, 69000. Yanzu 1020 ta zama biyu. VLOOKUP tana tsayawa ne a ta farko da ta tarar, ba ta ma san da ta biyu ba. Shago zai ci gaba da sayarwa a tsohon farashi, ana asarar 4,000 a kowace jarka, mai shago kuma yana da yaƙinin ya sa sabon farashi, domin da idonsa ya gani a jadawali. Ana kama wannan da ƙirge:

```
=COUNTIF(Farashi!$A:$A,A2)
```

Amsar da ake so 1 ce. Idan ta wuce haka, lambar ta maimaitu. Ana kuma iya zaɓar layin lambobi a je Conditional Formatting, Highlight Cells Rules, Duplicate Values, duk wadda ta maimaitu ta yi launi. COUNTIF tana da wani amfanin na gefe: ita ba ta bambanta 1020 ta adadi da 1020 ta rubutu. Idan ta ce 1 amma VLOOKUP ta ce #N/A, fara zargin rigimar adadi da rubutu.

Wani mai shirun kuma daga kyakkyawar niyya yake zuwa. Mai shago ya ga ya kamata ya riƙa ganin kuɗin da ya saro kaya kusa da na sayarwa, sai ya cusa sabon layi tsakanin B da C. Excel zai faɗaɗa jadawalin cikin fomula da kansa ya koma $A$2:$D$6, amma 3 ɗin nan tana nan yadda aka rubuta ta. Layi na uku yanzu kuɗin sari ne. Daga wannan lokaci kowane rasit a kan uwar kuɗi yake fita, babu riba ko ta sisi, kuma mai saye yana ganin abin da bai kamata ya gani ba. Sabon layi a ƙarshen jadawali ta dama ake ƙara shi. Haka nan idan lambar kaya tana nan amma an bar akwatin farashinta babu komai, VLOOKUP 0 take kawowa, ba kuskure ba.

Mafi ciwo a cikinsu shi ne wanda mutum ke jawo wa kansa don neman shafi mai tsabta. #N/A guda ɗaya a layin farashi tana bin lissafi har ƙasa, jimlar rasit ma ta koma #N/A. Sai a ba mutum shawara ya naɗe fomular da IFERROR, ya ce idan an sami kuskure a rubuta 0. Shafi ya yi kyau, jimla ta fito. Amma abin da aka yi shi ne an ce duk kayan da ba a gane lambarsa ba kyauta ne. IFERROR kuma ba ta zaɓe, tana haɗiye #REF! da #NAME? da duk wani kuskuren da ke nuna fomular kanta ta lalace. Ban ga dalilin da zai sa a yi haka a takardar kuɗi ba. Idan layukan rasit da ba a cike ba ne ke damun mutum, su kaɗai zai rufe:

```
=IF(A2="","",VLOOKUP(A2,Farashi!$A:$C,3,FALSE))
=IF(A2="","",B2*C2)
```

Ta farko a C2, ta biyu a D2. Layin da babu lamba zai zauna fari, wanda aka buga lambar da babu ita kuma zai ci gaba da ihu. Wanda ke son saƙo da Hausa maimakon #N/A yana iya amfani da IFNA, wadda ta zo tun Excel 2013, ya sa ta rubuta "Duba lamba". Ita #N/A kaɗai take kamawa, kuma tunda ba a ninka rubutu da adadi, jimla za ta ƙi fitowa har sai an gyara. Haka ake so.

Akwai kuskuren da babu fomular da za ta kama: a buga lambar da take akwai, amma ta wani kaya ce, 1010 a wurin 1020. Maganinsa shi ne a ƙara layi a rasit da ke ɗauko sunan kaya, da fomula iri ɗaya amma 2 a wurin 3. Mai rubutu ya ga "Katan ɗin taliya" alhali jarka ce a gabansa, ya san ya kauce.

Sababbin Excel sun zo da XLOOKUP, wadda Microsoft ya sanar a 2019. Tana cikin Microsoft 365 da Excel 2021 zuwa sama, babu ita a Excel 2016 da 2019. Ita daidai ƙwarai take nema tun asali, kuma ana nuna mata layin lamba da layin farashi kai tsaye, don haka cusa sabon layi ba ya ruɗa ta. Wanda kwamfutarsa ke da tsohon Excel yana samun kusan wannan da haɗin INDEX da MATCH:

```
=XLOOKUP(A2,Farashi!$A:$A,Farashi!$C:$C)
=INDEX(Farashi!$C:$C,MATCH(A2,Farashi!$A:$A,0))
```

Sifirin ƙarshen MATCH shi ne FALSE ɗinta, idan aka manta shi an koma gidan jiya. Kada kuma a ɗauka sauya fomula ya wanke jadawali. Adadi da rubutu, ɓoyayyar tazara, lambar da ta maimaitu, duk suna kayar da XLOOKUP kamar yadda suke kayar da VLOOKUP.

Masu karatu a Maraɗi da Damagaram da sauran wuraren da kwamfuta ke zuwa da Faransanci za su tarar da fomular da wani suna, kuma waƙafi mai ruwa ne ke raba sassanta:

```
=RECHERCHEV(A2;Farashi!$A$2:$C$6;3;FAUX)
```

Fayil ɗin da aka turo daga Kano zai buɗe a can ba matsala, Excel yana juya sunayen da kansa. Wanda ya kwafi fomular da hannu ne zai ga an ƙi karɓa sai ya sauya su.

Idan kana da fayil ɗin da ake fitar da rasit da shi a yanzu, kada ka gwada shi da lambar da ka san tana ciki, wannan gwajin kowace fomula tana cinye shi. Buga lambar da ka tabbata babu ita, kamar 9999 ko ZZ-00, a layin farko na rasit da kuma na ƙarshe. Idan #N/A ko saƙon gargaɗi ya fito, fomularka tana tsaron ƙofa. Idan farashi ya fito, ko sifiri, ka dakatar da amfani da fayil ɗin, ka gyara fomular, sannan ka ɗauko rasitan da aka riga aka bayar ka bi su ɗaya bayan ɗaya.